"Wane Gaskit?": Abin Da Takardar Gareji Ba Ta Faɗa Wa Mai Mota

Watanni kaɗan da suka shige na tsaya a ofishin wani garejin zamani, riƙe da takarda mai layi huɗu, na karanta ta har sau uku ban gane abin da ake so in biya ba. Abin ya sosa mini rai, domin karatu da karantarwa su ne sana'ata, kuma da Ingilishi nake yin su tun safe har yamma. Motata tsohuwar Toyota Corolla ce ƙirar 2006, irin wadda ta cika titunan Kano da Kaduna, kuma ƙorafi uku na kai ta da su. Idan na yi tafiya mai ɗan nisa ina jin warin baƙin mai yana ƙonewa. Jar fitila mai hoton batir tana kamawa a dashbod ta ɗauke, ta sake kamawa. Sannan duk ramin da na faɗa sai in ji ƙwas a ƙafar gaba ta dama.

Ga abin da na'urar ofishin ta bugo mini. Layi na farko "Gasket, replace". Na biyu "Alternator assy, replace". Na uku "Tie rod x2". Na huɗu "Labour", wato ladan aiki, wanda shi kaɗai ya kusa rabin jimlar kuɗin. Ba zan kawo adadin naira ba, domin a irin wannan zamani kafin jarida ta isa hannun mai karatu farashin ya riga ya sauya. Abin da ya kamata a sani shi ne, jimlar ta ci fiye da abin da malamin jami'a zai iya cirewa daga albashin wata guda ba tare da an ji a tukunyar gida ba.

Na karɓi makullina na ce zan yi shawara. Daga nan na zarce wurin wani dattijon bakanike da ya daɗe yana yi wa mahaifina gyara, wanda garejinsa bai wuce inuwar darbejiya da akwatin sifanu ba. Ba ya karanta boko sosai, saboda haka ni na karanta masa. Ina faɗin layin farko ya katse ni.

"Malam, wane gaskit?"

Na ce, "Baba, haka kawai suka rubuta."

Ya yi murmushi ya ce, "To ai kamar mutum ne ya shiga kasuwar Kurmi ya ce a nuna masa shagon Alhaji."

Wannan tambaya tasa ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na daɗe ina zaton matsalar takardun gareji ita ce an rubuta su da Ingilishi, amma tun ranar na sauya ra'ayi. Matsalar ita ce ana rubuta rabin suna. Kowane ɗaya daga cikin sunayen nan uku sunan dangi ne, kuma a cikin dangin akwai mai araha, akwai mai tsada, akwai kuma wanda ran mutum ya rataya a kansa. Ƙaramar kalmar da ke rarrabe su ita ce ake yarwa.

Mu fara da gaskit, tunda shi ya fi ruɗa mutane. A Ingilishi kalmar ta fara ne a bakin matuƙan jiragen ruwa, inda take nufin igiyar da ake ɗaure filafilan jirgi bayan an naɗe shi. Daga baya ta koma sunan abin da ake cusawa a mahaɗar ƙarafa domin hana yoyo. Dalilin buƙatarsa mai sauƙi ne. Duk yadda aka goge fuskokin ƙarfe biyu, idan aka haɗa su sai an sami 'yan kafofin da ido ba ya gani, kuma mai da ruwa da iska mai zafi za su bi ta nan. Sai a sa wani abu mai ɗan laushi a tsakani, roba ko takarda mai kauri ko siraran faranta na ƙarfe, a matse shi da kusoshi ya cike kafofin. Duk inda sassa biyu na injin suka haɗu kuma wani abu yana gudana a ciki, akwai gaskit. Ke nan injin guda yana ɗauke da su da yawa: na kwanon baƙin mai a ƙasa, na famfon ruwa, na bakin salansa, da sauransu.

Biyu daga cikinsu ne suka fi jawo rigima, domin maƙwabta ne, sunayensu kuma kusan ɗaya. Injin irin na motata hawa uku ne. A ƙasa akwai gangar jiki, inda fistin huɗu ke hawa da sauka. A kanta akwai kan silinda, wanda kanikawanmu ke kira tof silinda, mai ɗauke da bawul da fulogi. A saman wannan kuma akwai murfi, wanda shi ne kake fara gani idan ka ɗaga bonet. Tsakanin murfi da kan silinda akwai gaskit na roba, aikinsa kawai ya hana baƙin mai tsiyayowa waje. Tsakanin kan silinda da gangar jiki kuwa akwai wani gaskit dabam, na ƙarfe, wanda ke raba abubuwa uku da bai kamata su haɗu ba: wutar da ke tashi a cikin silinda, da ruwan sanyaya injin, da baƙin mai. Shi ne tof gaskit.

A kundin kayan Toyota, sunan na ƙasan "Gasket, cylinder head", sunan na saman kuma "Gasket, cylinder head cover". Kalma ɗaya tak ta raba su. Abin da ya ƙara dagula lamarin, Bature ɗan Ingila yakan kira na saman "rocker cover gasket", Ba'amurke kuma ya ce "valve cover gasket", alhali abu guda suke nufi. Mu nan da muke sayen motocin Amurka da na Turai da na Japan, kuma muka gaji Turancin Ingila, duka sunayen suna yawo a takardunmu.

Bambancin aiki tsakanin gaskit ɗin nan biyu kuwa kamar na ɗinkin maɓalli ne da ɗinkin babbar riga. Sauya na murfi, a cire wayoyin fulogi da 'yan kusoshi, a ɗaga murfin, a goge, a sa sabuwar roba, a mayar. Bakanike mai natsuwa ba zai wuce awa guda ba. Sauya tof gaskit kuwa sai an zubar da ruwan lagireto da baƙin mai, an kwance bututun shigar iska da na fitar hayaƙi, an cire sarƙar da ke daidaita motsin bawul da fistin, sannan a kwance manyan kusoshi goma da ke riƙe da kan silinda. Ba a nan aikin ya ƙare ba. Kan silindar na alminiyam ne, kuma zafin da ya ƙona gaskit ɗin yakan lanƙwasa shi. Dole a aza masa miƙaƙƙen ƙarfe a auna, domin a irin wannan injin lanƙwasar da ta wuce milimita 0.05, wato ƙasa da kaurin gashin kai, ta isa ta sa sabon gaskit ya sake ƙonewa. Idan ya lanƙwashe sai an kai shi wurin masu injin kankare ƙarfe. Wurin mayarwa kuma kusoshin nan goma suna da jerin da ake bi wajen ɗaure su, daga tsakiya zuwa gefe, da sifana mai ma'auni. Wanda ya ɗaure su da ƙarfin damtse kawai ya sayar maka da gyaran da ba zai kai damina ba. Wannan aikin yini ne cur, wani lokaci kwana biyu.

Ladan aikin da aka rubuta mini na babban aikin ne. To, shi motata ke buƙata? Dattijon bai yi gardama da takarda ba, bonet ya ɗaga. Ya jira injin ya huce sarai, domin buɗe murfin lagireto da zafi ya ƙona fuskar mutane da dama. Ya buɗe, ruwa na nan cike. Ya tambaye ni ko ina yawan ƙara ruwa, ko allurar zafi ta taɓa hayewa, na ce a'a. Ya sa na tayar da injin, muka zuba wa bakin lagireton ido na 'yan mintoci, babu kumfa mai tasowa. Ya zaro sandar auna baƙin mai, man yana nan da launinsa, bai koma kamar shayi da madara ba. Ya zagaya bayan mota ya duba salansa, babu farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya yankewa bayan injin ya ɗumama. Waɗannan su ne manyan shaidun ƙonewar tof gaskit, kuma babu ko ɗaya. Sai ya shafa yatsa a gefen murfin saman, ta ɓangaren da ke kallon bututun hayaƙi, ya nuna mini danshin mai. Ya cire wayar fulogi ɗaya, ramin ya tara mai. Robar murfi ce ta tsufa ta bushe, man yana ɗiga a kan bututu mai zafi, shi ne warin da nake ji.

Adalci ya sa in ƙara da cewa wannan dubawa ta ido tana da iyaka. Tof gaskit yana iya fara sakin iska kaɗan kaɗan ba tare da mai ya gauraye da ruwa ba. Idan mota tana shan ruwa ba a ga inda yake zuba ba, ko tana zafi ba dalili, akwai gwaji biyu da ya kamata mai mota ya nema kafin ya yarda a buɗe masa injin. Ɗaya shi ne auna matsin kowace silinda da agogon da ake ɗaurawa a ramin fulogi, inda silinda biyu maƙwabta da suka yi ƙasa tare ke nuna gaskit ya tsage a tsakaninsu. Ɗayan kuma wani shuɗin ruwa ne da ake sawa a bututu a bakin lagireto, wanda ke komawa ruwan ɗorawa idan hayaƙin silinda yana shiga cikin ruwan. Garejin da ke da na'urar buga takarda ya kamata a ce yana da waɗannan. Kuma ko an tabbatar gaskit ɗin ya ƙone, a tuna cewa sau da yawa shi ba cutar ba ce, alamarta ce. Wani abu ne ya sa injin ya yi zafi, ko fanka ta tsaya, ko lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji. Takardar da ta ce a sauya tof gaskit ba ta ambaci sanadin ba, takardar da za a sake rubuta maka ce.

Layi na biyu ya fi sauƙin ganewa, amma shi ma da tasa ƙura. Altaneta ita ce ƙaramin janareton mota. Mutane da yawa suna zaton batir ne ke ba mota wuta, alhali babban aikin batir shi ne tayar da injin. Da zarar injin ya tashi, bel yana juya altaneta, ita ke ciyar da fitilu da na'urar sanyi da komai, ta kuma mayar wa batir abin da ya kashe. Sunan ya samo asali daga irin wutar da take haifarwa, mai kai da komowa kamar ta gidajenmu, wadda batir ba ya iya ajiyewa sai an miƙar da ita ta bi hanya ɗaya. Tsofaffin direbobi za su tuna dinamo, wanda ita ta gada. Kamfanin Chrysler na Amurka ne ya fara sa ta a motocin kasuwa a 1960, kuma ta kori dinamo saboda tana caji ko da injin yana tafiya a hankali.

Kalmar da ta kamata mai mota ya lura da ita a wannan layi ita ce ƙaramar nan, "assy". Gajarta ce ta kalmar da ke nufin abu a harhaɗe, wato za a cire altanetar ɗungurungum a sa wata. Amma altaneta ba dunƙulen ƙarfe ba ce. A cikinta akwai naɗin wayar tagulla da maganaɗisu mai juyawa, akwai dayod masu miƙar da wutar, akwai regileta mai hana caji wuce kima, akwai boris biyu, sannan akwai wasu 'yan gawayi biyu da ake kira burushi, waɗanda ke gogar sandar da ke juyawa domin isar mata da wuta. Burushin nan an yi su ne domin su cinye a hankali, kamar alli a hannun malami. Idan suka gajarce sai su riƙa taɓawa suna saki, fitilar batir kuma ta riƙa kamawa tana ɗaukewa, daidai abin da tawa ke yi.

Dattijon ya aika yaronsa ya kira mai wayarin na kusa, ya zo da 'yar mitarsa. Gwajin bai ɗauki minti biyar ba, kuma duk mai mota yana iya koyonsa. Injin a kashe, lafiyayyen batir yana nuna wajen bolt 12.4 zuwa 12.6. Nawa ya nuna 12.4. Injin a kunne, ya kamata adadin ya hau zuwa tsakanin 13.5 da 14.5, alamar caji yana shiga. Nawa ya hau 14, ya tsaya, sai ya faɗo 12 da 'yan kai, can ya sake hawa. Da a ce bai motsa daga 12 ba sam, sai a ce ba ta caji gaba ɗaya. Da ya haura 15, sai a zargi regileta, kuma irin wannan yana dafa batir ya ƙona ƙwayayen fitila. Ya duba bel ɗin, a matse yake, ya duba kawunan batir, babu tsatsa. Ya kwance bayan altanetar ya ciro gidan burushi, sai ga su sun cinye saura kaɗan. Kuɗin sababbi da ladansa bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da aka rubuta mini ba.

A nan ma ba zan ce garejin farko sun yi niyyar cuta ba. Akwai hujja a sauya abu gaba ɗaya. Altanetar da burushinta ya cinye ta yi shekaru tana aiki, boris ɗinta ma ya tsufa, kuma garejin da ke ba da lamuni a kan aikinsa ba ya son ka dawo bayan wata biyu da wata matsalar a wuri guda. Idan tana kuka kamar niƙa, ko tana warin ƙonanniyar waya, ko zoben da burushi ke gogawa ya yi kwari, ko dayod ya lalace har batir yana zuƙewa cikin dare, sauyawa ta fi faci. Abin da nake ƙi shi ne a yanke mini hukunci ba a gaya mini akwai zaɓi ba. Haka kuma takardar ba ta faɗi wace iri za a sa ba. Duk wanda ya taɓa shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya san abu ɗaya yana da farashi uku: sabo na asali, da na Baljiyam da aka ciro daga wata motar, da sabon kwaikwayo mai kyan kwali. Kalmar "replace" ta rufe dukansu.

Bari in ɗan ratse in yi gargaɗi a kan wata al'ada da ta zama ruwan dare, ta cire kan batir injin yana aiki domin a ga ko mota za ta mutu. Wannan gwajin zamanin dinamo ne. A motar da ke da kwamfuta, batir ne ke shanye tsallen da wuta kan yi, kuma cire shi yana iya ƙona dayod ko kwamfutar kanta. Mita ta fi wannan araha nesa ba kusa ba.

Zuwa wannan lokaci na fara jin kaina, ina ganin na kama ɓarayi. Na ce wa dattijon, "Baba, shi kuma na ukun a bar shi sai an yi albashi, tunda ƙara ce kawai." Sai fuskarsa ta sauya.

"Malam, waɗancan biyun aljihunka suke ci. Wannan kuwa kai yake nema."

Tayarod shi ne sandar da ke isar da umarnin sitiyari zuwa ga taya. Idan ka murza sitiyari, wani dogon ƙarfe mai haƙora da ke kwance a bayan injin, wanda ake kira rak, yana zamewa hagu ko dama. Daga kowane bakinsa sanda ta fita zuwa ƙafar mota tana tura ta ko tana jawo ta. Wannan sanda gaɓa biyu ce. Akwai ta ciki, maƙale da rak, a ɓoye cikin roba mai kama da zugazugi. Akwai ta waje, wadda ke ƙarewa da dunƙulen ƙarfe mai juyawa a cikin kwanonsa, kamar yadda kan ƙashin cinya ke juyawa a ƙugu. Mota tana da hagu da dama, saboda haka guda huɗu ke nan. A takarda, ta waje ita ce "tie rod end", ko "track rod end" a Turancin Ingila, ta ciki kuma "inner tie rod" ko "rack end". To, da aka rubuta mini "x2", waɗanne biyun ake nufi? Na waje hagu da dama, ko ciki da waje na ɓangare ɗaya? Takardar ta yi shiru.

Aka sa jak aka ɗaga ƙafar dama. Dattijon ya sa ni na kama tayar da hannu biyu, ɗaya a gabanta ɗaya a bayanta, wato inda ƙarfe uku da ƙarfe tara suke a fuskar agogo, ya ce in girgiza. Na ji tana wasa, tana ƙwas ƙwas. Ya ce in kama sama da ƙasa in sake girgizawa, ba ta motsa ba, wanda ya nuna ba boris ba ne, ba kuma mahaɗar ƙasan ƙafa ba. Sannan ya karɓi girgizar ya ce in leƙa. Da idona na ga dunƙulen nan na waje yana rawa a cikin kwanonsa, robar da ke rufe shi ta yage, giris ya fita, ƙasa ta shiga ta zama masa kamar dutsen niƙa. Ya matse robar ciki da hannu yana lalubar gaɓar da ke ƙarƙashinta, ita lafiya lau. Aka ɗaga hagu, nan ma robar waje ta tsage kuma an fara samun ɗan wasa. Ashe a wannan layi garejin farko gaskiya suka faɗa, na waje biyu ne, sun dai kasa rubuta shi yadda zan gane.

Abin da ke sa wannan gaɓa ta fi sauran haɗari shi ne yadda take ƙarewa. Gaskit na murfi zai yi ta ɗiga shekara guda. Altaneta idan ta mutu fitilu za su dushe, mota ta tsaya a gefen hanya. Amma ranar da dunƙulen tayarod ya fice daga kwanonsa, wannan tayar ta daina jin maganar sitiyari, sai ta karkace ta nufi inda ta ga dama. Idan a cikin unguwa ne, abin kunya ne da neman mai jan mota. Idan a hanyar Zariya ne da gudun kilomita ɗari, iyali a baya, ba na son in ƙarasa. Kuma shi ne mafi arahar layukan uku, shi ya sa na yi niyyar ɗage shi.

Akwai kuma layin da ya kamata ya biyo bayansa wanda babu shi a takardata, wato saitin tayoyi, abin da ake rubutawa "wheel alignment". Gaɓar waje a murɗe take a jikin ta ciki, kuma yawan murɗin shi ke tsayar da inda taya ke kallo. Kanikawa sukan ƙirga zagayen da suka yi wajen cire tsohuwar su maimaita shi wajen sa sabuwa. Dabara ce mai kyau ta kai mota wurin saiti, amma ba ta maye gurbinsa, domin tsawon sabuwa ba lallai ya zo daidai da na tsohuwa ba. Lissafin yana da sauƙi. Tayar da ta kauce da digiri ɗaya tak tana jan gefe na kimanin mita 17 a kowace kilomita. Daga Kano zuwa Kaduna, tafiyar kilomita 230 ko kusa da haka, an kankare ta a kwalta na wajen kilomita huɗu ke nan. Wanda ya ga gefe ɗaya na tayarsa ya cinye ɗayan yana nan sabo, ko sitiyarinsa ya karkace alhali mota tana tafiya miƙe, ga dalilin. Kuɗin saiti bai kai na taya ɗaya ba.

Da na ba wani abokin aikina wannan labari, sai ya ce maganin abin shi ne a fassara sunayen nan zuwa Hausa, a tilasta wa gareji su yi amfani da su. Na fahimci kishinsa, amma ban bi shi ba. Hausa ta riga ta yi wannan aiki ba tare da ta jira kwamiti ba. Lagireto da kafireto da fulogi da salansa da birki da boris duk Hausa ce yanzu, kanikawa da direbobi ne suka sarrafa su da harshensu. Idan muka zauna a ofis muka ƙirƙiro wa gaskit suna, muka ce "matoshin yoyo", mai shago a Ƙofar Ruwa zai tambaye mu irin tambayar da aka yi mini, wane matoshin? Rabin suna rabin suna ne a kowane harshe. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018 ta ba mai saye haƙƙin samun bayani cikin harshe bayyananne da zai fahimta, kuma a ganina takardar da ta ce "Gasket" ta yi shiru ba ta cika wannan sharaɗi ba, ko da kuwa mai karanta ta farfesan Ingilishi ne.

Akwai ma abin da ya fi suna tabbas, wato lambar kaya. Kayan Toyota suna ɗauke da lamba mai alƙaluma goma, kuma biyar na farko suna faɗin irin abin. Tof gaskit yana farawa da 11115, gaskit na murfi da 11213. Gaɓar tayarod ta waje tana farawa da 45046 ko 45047, ta ciki kuma da 45503. Da an rubuta lamba a gefen layin farko na takardata, da babu wata muhawara. Ina kyautata zaton abin da ya faru shi ne, bakaniken da ya duba motar ya ce wa yaron ofis "gaskit", shi kuma yaron, wanda bai taɓa riƙe sifana ba, ya zaɓi na farkon da ya gani a kwamfuta tare da ladan aikinsa. Ko kuskure ne ko ganganci, daga aljihuna za a cire.

Tun daga ranar ba na sa hannu a takardar gyara sai an cika mini kowane layi: cikakken sunan abin, da gefen da yake, da ko sabo ne ko na Baljiyam, da ladan kowane aiki dabam. Ina neman a kai ni gaban motar a nuna mini wurin da yatsa, kuma ina cewa a ajiye mini tsohon da aka cire. Wasu suna ɓata rai, wasu kuwa suna jin daɗin a ce yau ga mai mota yana tambaya. A wancan karon dattijon ya sauya robar murfi da gaɓoɓin waje biyu kafin la'asar, na wuce wurin masu saiti aka ɗora motar a na'ura. Tsohuwar gaɓar dama tana nan a aljihun teburina a ofis, kuma idan ka riƙe ta ka kaɗa, dunƙulen yana karkaɗawa a cikin kwanonsa kamar tsakuwa a gwangwani.